Gyara Kaɗan, Saukewa Mai Yawa: Dalilin Girman Facin Wasannin Gem da Yadda Za a Sarrafa Shi

A watan Oktoba na 2020 kamfanin Epic Games ya sanar da masu buga Fortnite a kwamfuta cewa su shirya, domin sabon facin da zai fito ya kai kimanin gigabait 27. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne dalilin da kamfanin ya bayar. Ba wani sabon babi aka ƙara wa wasan ba. An sake shirya fayilolinsa ne don ya rage cin wuri, kuma bayan an gama, girmansa a kan kwamfuta ya ragu da fiye da gigabait 60. Wato mutum ya sauke kaya masu yawa, sakamakon kuma ya zama wasan ya ƙanƙance.

Wannan labari ya nuna abin da galibin masu wasa ba su sani ba. Girman faci, ko afdet kamar yadda aka fi kiransa a gidajen gem, ba ya bin yawan gyaran da aka yi. Yana bin yadda aka ɗaure fayilolin wasan ne. Duk wanda ya fahimci haka zai daina ɗora wa na'urarsa laifi, zai san abin da ke cinye masa data da wurin ajiya da lokaci, kuma zai iya rage asarar da yake yi sosai. A ƙasashen da intanet ɗin gida ba shi da iyaka, faci mai girma jira ne kawai. A wajenmu kuwa, inda ake sayen data da awo, wuta kuma ba ta da tabbas, kuɗi ne ke fita daga aljihu.

Faifan da ka saya ba shi ne ƙarshen wasan ba

A zamanin PlayStation 2, abin da ke cikin faifai shi ne wasan, da kyansa da aibinsa. In akwai kuskure, da shi za a zauna. Yau kuwa ana kammala sigar da za a buga a faifai makonni kafin ranar fitowa, saboda buga faifan da raba shi ga shaguna a faɗin duniya yana ɗaukar lokaci. A cikin waɗannan makonni masu haɗa wasan ba sa zama, suna ci gaba da gyara. Duk abin da suka gyara shi ne ke zuwa maka a matsayin facin ranar farko.

Cyberpunk 2077 misali ne da aka sani. Kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Foland ya ce ya kammala sigar faifai a farkon Oktoba na 2020, amma daga baya ya ɗage fitowar zuwa 10 ga Disamba don ya ƙara aiki a kan facin ranar farko. Duk da haka wasan ya fito da matsaloli masu yawa a PlayStation 4 da Xbox One, har Sony ta cire shi daga shagonta na intanet, ba ta mayar da shi ba sai a watan Yuni na 2021. Manyan faci ne suka yi ta biyo baya kafin ya daidaita.

Akwai kuma iyakar abin da faifai ke iya ɗauka. Na PlayStation 4 ba ya wuce gigabait 50, na PlayStation 5 kuma 100. Wasu kamfanonin ma ba sa cika shi. Faifan Call of Duty: Modern Warfare II na 2022 bai ƙunshi abin da ya wuce kimanin megabait 70 ba, sauran wasan gaba ɗaya sai an sauke. Faifan ya koma shaidar saye kawai.

Dalili na uku shi ne wasa da wasu ta intanet. Idan mutum biyu za su kara a EA Sports FC, ɗaya a Kano ɗaya a Landan, dole na'urorinsu su yi amfani da dokoki iri ɗaya, da 'yan wasa iri ɗaya, da lissafin motsin ƙwallo iri ɗaya. Da zarar an fitar da sabuwar siga, sabar kamfanin ba za ta karɓi mai tsohuwa ba. Shi ya sa wasannin intanet ba sa ba ka zaɓi, ko ka sauke ko ka tsaya a waje.

Yadda ake ɗaure wasa

Duk wannan ya bayyana dalilin zuwan faci, amma bai bayyana girmansa ba. Girman yana fitowa ne daga yadda ake ajiye kayan wasa.

Babban wasa na zamani ya ƙunshi dubban ɗaruruwan ƙananan abubuwa: hoton bangon gida, sautin takun ƙafa, fuskar ɗan wasa, muryar mai sharhi, siffar mota. Idan aka bar kowanne a matsayin fayil mai zaman kansa, na'ura za ta ɓata lokaci wajen neman su ɗaya bayan ɗaya. Don haka ake tattara su cikin 'yan manyan fayiloli, kowanne yana iya kai gigabait da yawa, a matse su don su rage girma, sau da yawa kuma a kulle su da lambobin sirri don hana sata da maguɗi.

Ka ɗauki dilar gwanjo. An jera ɗaruruwan riguna, inji ya danne su, an ɗaure da ƙarfe. Idan aka ce a canja riga ɗaya da ke tsakiya, ba yadda za a yi a zare ta a sa wata ba tare da an kwance dilar ba. In sabuwar rigar ta fi tsohuwar kauri, duk na kewayenta sai sun gusa, sannan a sake dannewa a sake ɗaurewa. Riga ɗaya aka canja, amma dilar ce gaba ɗaya ta sha aiki.

Manhajojin da ke rarraba wasanni suna ƙoƙarin kauce wa wannan. Steam, alal misali, yana yanka kowane fayil gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa kimanin megabait 1. Idan sabuwar siga ta fito, sai ya gwada gunduwoyinta da waɗanda ke kan kwamfutarka, ya sauke waɗanda suka bambanta kawai. Dabarar tana aiki ƙwarai idan masu haɗa wasan sun bar kowane abu a mazauninsa. Amma idan sun sake jera kayan cikin fayil, ko suka matse fayil ɗin a dunƙule ta yadda canji kaɗan a farkonsa ke sauya duk lambobin da ke biye, to kusan kowace gunduwa za ta fito a matsayin sabuwa. Hoton bangon gidan nan bai canja ba ko kaɗan, amma na'urarka ba ta da hanyar gane shi, sai ta sake sauke shi. Abin da ya faru da Fortnite ke nan a 2020: an kwance dilolin an sake ɗaure su da sabon tsari.

Lambobi uku da ya kamata a bambance

Duk faci yana cin abu uku daban-daban: data, wurin ajiya, da lokacin kwafi. Yawancin ruɗanin da ake samu daga haɗa su wuri ɗaya yake zuwa. Bari mu yi lissafi da misali.

A ce kana da wasa mai gigabait 60 a kwamfuta, an raba shi manyan fayiloli shida, kowanne gigabait 10. Kamfanin ya fitar da gyara da ya taɓa uku daga cikinsu, kuma sabbin kayan da aka ƙara ba su wuce gigabait 1 ba.

Idan an shirya facin da kyau, gigabait 1 ɗin za ka sauke. Nan sai a kula da wani abu: kamfanonin sadarwa suna auna gudun intanet da megabit, fayiloli kuma da megabait ake auna su, kuma megabit 8 ne ke yin megabait 1. Layin da ke ba ka megabit 10 a daƙiƙa yana kawo megabait 1.25 ne kawai. Gigabait 1 a irin wannan layi zai ɗauki kimanin minti 13.

Amma aiki bai ƙare ba. Na'urar ba ta rubuta gyaran kai tsaye a cikin tsohon fayil, domin in wani abu ya katse aikin a tsakiya, wasan zai lalace. Sai ta gina sabon fayil a gefe, tana kwaso tsofaffin gunduwoyi tana haɗawa da sabbin, in ta gama ta goge tsohon. Fayiloli uku masu gigabait 10 na nufin za ta karanta gigabait 30, ta rubuta gigabait 30, kuma tana iya neman fili har na gigabait 30 kafin ta fara. Wannan ce amsar tambayar da ake yawan yi: ina da gigabait 20 a fili, facin gigabait 1 ne, me ya sa aka ce ba wuri?

Lokacin kwafin ya danganta ga irin ma'ajin na'urar. Tsohon faifan ajiya mai juyawa, idan yana karatu da rubutu a lokaci ɗaya, gudunsa yakan faɗi sosai. In ya tsaya a megabait 25 a daƙiƙa, gigabait 30 za su ci minti 20, wato fiye da lokacin saukewar kanta. A kan SSD mai kyau aikin ba zai wuce 'yan mintuna ba. Masu PlayStation 4 sun san wannan mataki sarai. Shi ne wanda allo ke rubuta Copying, lambar ta yi ta tafiya a hankali alhali saukewa ta daɗe da ƙarewa. A wannan lokaci ba data ake ci ba, don haka matsar da na'ura kusa da rawuta ko sauya layi ba zai ƙara komai ba.

Yanzu a ce kamfanin ya sake jera kayan cikin fayiloli ukun nan. Gyaran bai ƙaru ba, amma sai ka sauke gigabait 30 cur. A layin megabit 10, awa 6 da minti 40 ke nan idan bai yanke ba. In gudun ya faɗi zuwa megabit 5 da yamma lokacin cunkoso, ya zama awa 13 da minti 20. Mai gidan gem da ke da na'ura huɗu, in kowacce ta sauke nata, ya kashe gigabait 120 a kan gyara ɗaya.

Abin da ya sa wasannin suka yi ƙiba

Faci yana girma ne saboda fayilolin da yake taɓawa manya ne, kuma abubuwa uku ne suka fi kumbura su. Na farko hotunan da ake lulluɓe abubuwan cikin wasa da su. Idan aka ninka tsawo da faɗin hoto sau biyu don ya yi kyau a talabijin mai 4K, ɗigoginsa sun ninka sau huɗu. Na biyu sauti da bidiyo, musamman in an naɗi muryoyi cikin harsuna da yawa. Na uku maimaici.

Faifan ajiya mai juyawa yana da allura da ke tsalle daga wuri zuwa wuri, kuma kowane tsalle lokaci ne. Don a rage tsallen, masu haɗa wasa sukan ajiye kwafin abu ɗaya a kusa da duk inda za a buƙace shi. Mark Cerny, wanda ya jagoranci tsara PlayStation 4 da 5, ya bayyana cewa a wasan Marvel's Spider-Man akwai bayanan da aka maimaita har sau 400. SSD ba shi da allura, don haka ba ya buƙatar wannan. A ƙarshen 2025 masu Helldivers 2 sun cire irin wannan maimaici daga sigar kwamfuta, wasan ya sauko daga kusan gigabait 150 zuwa kimanin 23. Wannan ya nuna cewa wani ɓangare na nauyin da ake ɗora wa masu wasa zaɓin kamfani ne, ba tilas ba.

Wurin da ke cikin na'urorin kuma bai kai abin da aka rubuta a kwali ba, domin manhajar na'urar tana cin nata kaso. PlayStation 5 ta farko mai gigabait 825 tana ba ka kimanin 667. Xbox Series S mai 512 tana ba ka kimanin 364. PlayStation 4 mai 500 tana ba ka 400 da 'yan kai. A 2020 Call of Duty: Modern Warfare haɗe da Warzone ya haura gigabait 200 a kwamfuta, har kamfanin ya ba mutane damar cire sassan da ba sa bugawa.

Mataki na farko: kai ne za ka ce a sauke

An tsara waɗannan na'urori da tunanin cewa intanet ba ya ƙarewa, shi ya sa sukan zo a shirye su sauke faci da kansu. In da awo kake sayen data, ka fara kashe wannan.

A PlayStation 5 ka shiga Settings, sai Saved Data and Game/App Settings, sai Automatic Updates, ka kashe Auto-Download. A PlayStation 4 hanyar ita ce Settings, System, Automatic Downloads, ka cire alamar da ke kan Application Update Files. A Xbox ka bi Settings, System, Updates, ka kashe Keep my games & apps up to date. A Steam ka danna dama a kan sunan wasa, ka zaɓi Properties, sai Updates, ka mayar da shi kan zaɓin da ke jiran sai ka buɗe wasan, wanda ake rubutawa Only update this game when I launch it ko Wait until I launch the game, gwargwadon sigar da kake da ita. A manhajar Epic kowane wasa yana da Auto Update a ƙarƙashin Manage.

Ribar wannan ta wuce hana saukewar ba-zata. Idan wasa ya samu faci shida a wata shida kuma ba ka buɗe shi ba, ranar da ka dawo galibi na'urar za ta ɗauke ka daga sigarka zuwa ta ƙarshe a tashi ɗaya. Tunda facin sukan taɓa fayiloli iri ɗaya, jimillar takan gaza abin da za ka kashe da ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Dabarar tana da iyaka. A PlayStation, ko ka kashe saukewar kai tsaye, buɗe wasa alhali kana kan intanet yakan sa na'urar ta ga faci ta jefa shi cikin jerin saukewa. In wasan na mutum ɗaya ne, ko na abokai biyu a kujera ɗaya, ka cire alamar Connect to the Internet a ƙarƙashin Network kafin ka buɗe. A Steam akwai Go Offline, amma sai ka shiga kafin manhajar ta san da sabon faci. In ta riga ta sa wa wasan alamar yana buƙatar sabuntawa, tana iya hana shi buɗewa. Haka nan zaɓin Metered connection na Windows yana taƙaita saukewar Windows ne, kada ka dogara da shi wajen tsare Steam.

Wanda ke da intanet marar iyaka akasin haka ya dace da shi. Ya bar saukewar a kunne, ya sa ta cikin dare. Steam yana da wurin ƙayyade awannin saukewa da iyakar gudu a Settings, Downloads, don kada wasa ya ƙwace layin daga sauran mutanen gida.

Mataki na biyu: a sauke sau ɗaya, a raba

In akwai na'ura fiye da ɗaya a gida ko a shago, babbar asara ita ce kowacce ta sauke abu ɗaya daga intanet. Tun 2023 Steam ya ƙara Game File Transfer over Local Network, a Settings, Downloads. Idan kwamfuta ɗaya ta gama sabunta wasa, sauran da ke kan rawuta ɗaya za su kwasa daga gare ta, muddin tana kunne, Steam yana buɗe, an kuma ba da izini a zaɓin. A lissafinmu na ɗazu, gigabait 120 sun koma 30 da ɗan ƙari. Tsarin shi ne a dakatar da saukewa a na'ura uku, a bar ɗaya ta gama tsaf, sannan a saki sauran. In an haɗa su da kebul maimakon wayifai, aikin ya fi sauri.

Xbox yana da irinsa a Settings, System, Backup & transfer, Network transfer. Nintendo Switch yana da Match Version with Local Users a ƙarƙashin Software Update na kowane wasa, wanda ke ba na'urori da ke kusa damar daidaita sigarsu ba tare da intanet ba. A PlayStation hanyar ita ce faifan ajiya na waje mai USB. Ana iya buga wasannin PlayStation 4 kai tsaye daga kansa, na PlayStation 5 kuwa ajiye su kawai ake yi, sai an mayar da su ciki kafin a buga. A duk waɗannan hanyoyi, fayil ake rabawa ba lasisi ba. Kowace na'ura tana buƙatar faifan wasan ko asusun da ya saye shi.

Faifan waje kuma shi ne maganin gogewa. Idan wuri ya ƙare, kada ka goge wasa mai gigabait 80 da za ka nema bayan wata biyu, domin ka zubar da data gigabait 80 ke nan. Ka matsar da shi waje. A matsayin ƙa'ida, ka riƙa barin fili a cikin na'ura wanda ya kai girman wasanka mafi girma idan PlayStation 4 ce, ko aƙalla rabinsa a sauran na'urori.

Mataki na uku: a rage abin da faci zai taɓa

Abin da ba ya kan na'urarka ba a yi masa faci. Wasanni da yawa yanzu suna barin mutum ya zaɓi sassan da yake so. A Call of Duty akwai Manage Files, inda za ka cire labarin mutum ɗaya in ka gama shi, ko wani sashe da ba ka taɓawa. A PlayStation 5 ka danna maɓallin Options a kan wasa ka duba Manage Game Content. A Xbox ana kiransa Manage game and add-ons. A Fortnite na kwamfuta, cikin Options na manhajar Epic, za ka iya cire High Resolution Textures, wanda ba shi da amfani sosai ga mai ƙaramin allo. Haka harsunan da ba ka ji.

Akwai wata kafa da data ke zurarewa ba a lura ba. Sabbin wasannin Call of Duty suna sauke manyan hotuna daga intanet ana cikin wasa, ta zaɓin On-Demand Texture Streaming. Mai amfani da hosfot ɗin waya ya mayar da shi mafi ƙanƙanta, in ba haka ba zai ga data tana tafiya alhali babu wani faci da ya sauke.

Wuta, da abin yi idan aiki ya ɓaci

Yankewar intanet ba babbar matsala ba ce, domin galibin na'urori suna ci gaba daga inda suka tsaya. Ɗaukewar wuta ce haɗari, musamman a matakin kwafi da girkawa, lokacin da na'ura ke rubutu ba tsayawa. Yanayin hutun PlayStation, mai fitila ruwan lemo, ba kashewa ba ne. Na'urar tana iya kasancewa tana aiki. In za ka bar ta tana saukewa cikin dare, ka ɗora ta a kan inbata ko UPS, ita da rawutar. In babu, gara ka yi aikin da rana kana kusa, kuma kada ka fara babban faci dab da lokacin sauyawa daga wutar gari zuwa janareto. Wannan ya fi tsanani ga sabunta manhajar na'urar kanta, domin in ta katse na'urar tana iya ƙin tashi yadda ta saba.

Idan faci ya tsaya cak, ka fara gano wanne daga cikin lambobi ukun ne ya maƙale. Shafin saukewa na Steam yana nuna aikin intanet da aikin faifan ajiya daban-daban. In intanet ya sauka zuwa sifili amma faifan yana aiki, ba komai ya lalace ba, kwafi ake yi, ka ƙyale shi. In duka biyun sun tsaya, ka duba layi da sauran data. In saƙon ya ambaci wuri, ka matsar da wani wasa waje.

In wasa ya ƙi buɗewa bayan faci, kada ka yi gaggawar goge shi. A Steam ka shiga Properties, Installed Files, ka danna Verify integrity of game files. Zai binciki fayilolin ya sake sauke waɗanda suka lalace kawai. A PlayStation ka kashe na'urar gaba ɗaya, ka riƙe maɓallin wuta har ka ji ƙara ta biyu bayan kimanin daƙiƙa 7, ka haɗa hannun wasa da kebul, ka zaɓi Rebuild Database. Wannan yana sake tsara lissafin abin da ke ciki ne, ba ya goge wasanni. Amma ka kiyayi Initialize PS4 da Reset PS5 da ke cikin jerin nan, domin su share komai suke yi.

Ka kuma guji fayilolin faci da ake rabawa a wasu shafuka ko tashoshin sada zumunta da sunan an matse su sun yi ƙanƙanta. Steam da na'urorin wasa suna tantance abin da ke shigowa ta hanyarsu, fayil ɗin da baƙo ya ɗora kuwa babu mai tantance shi, kuma irin wannan hanya ce sananniya ta shigar da manhajar satar asusu cikin kwamfuta.

Inda ikon mai wasa ya tsaya

Babu wani zaɓi a na'ura da zai mayar da facin gigabait 30 ya zama 3. Wannan yana hannun masu haɗa wasan, kuma labarin Helldivers 2 ya nuna suna iya rage nauyin idan sun ga dama. Ya kamata kowane kamfani ya riƙa faɗin girman faci kafin ranar fitowarsa, ya kuma raba wasansa sassa da mutum zai iya cirewa, domin ba duk mai saye ne ke zaune inda intanet ke gudana ba awo ba.

Abin da ke hannunka shi ne shawarar da za ka yanke tun kafin ka saya. Wasan intanet irin Fortnite ko Warzone, ko da kyauta ne, yana da kuɗin da za ka riƙa biya da data duk lokacin da aka shiga sabon zango, kuma ba za ka iya ƙin biya ba in kana son shiga. Wasan mutum ɗaya da ya shekara biyu da fitowa kuwa ya riga ya sha yawancin facinsa, sau ɗaya za ka sauke ka huta. Kafin ka biya, ka duba girman da aka rubuta a shafin shagon, ka tambayi masu bugawa sau nawa yake neman faci a wata, ka gwada da datar da kake iya saye da filin da ya rage a na'urarka. In lissafin bai fita ba, ka zaɓi wasan intanet guda ɗaya ka riƙe, sauran su zama waɗanda ake bugawa ba tare da layi ba.